Tambayoyi da Amsoshi Kan Tura Fayil da Mahaɗi a Saƙon Imel

Me ya sa sai na ambaci fayil a cikin saƙo, alhali mai karɓa zai gan shi da idonsa?

Domin ba kullum yake ganinsa ba. A waya, fayilolin da aka maƙala suna sauka can ƙasan saƙo, bayan sa hannu da tsofaffin amsoshin da suka taru, kuma mutumin da ke karanta imel a tsaye tsakanin ayyuka biyu ba lallai ne ya gangara har can ba. Wani lokacin kuma na'urar tsaro ta ma'aikatar da yake aiki tana cire fayil ta bar saƙon ya wuce. Idan rubutunka bai faɗi abin da ya kamata ya zo ba, ba shi da hanyar sanin cewa wani abu ya ɓace a hanya.

Shi ya sa ya kamata jikin saƙo ya yi aikin takardar da ake haɗawa da kaya, wadda ke cewa buhu nawa aka ɗora kuma mene ne a cikinsu. Abu uku ake so ya fito fili: fayil nawa ne, mene ne kowanne, da kuma abin da ake so mai karɓa ya yi da shi. "Ga shi nan a maƙale" ba ta amsa ko ɗaya daga cikin ukun. Kwatanta ta da wannan:

"Na maƙala fayil biyu. Na farko shi ne rahoton kuɗi na watanni uku, wanda nake roƙon ka duba shafi na 4 ka sa hannu kafin Alhamis. Na biyu jadawalin kashe kuɗi ne, na turo shi ne kawai don ya kasance a hannunka."

Wanda ya karanta wannan ya san zai ƙirga fayil biyu, ya san wanne zai fara buɗewa, ya kuma san cewa ɗayan ba ya jiran komai daga wurinsa. Idan ya tarar da fayil ɗaya tal, nan take zai waiwaye ka, ba sai ranar Alhamis ta zo ta wuce ba.

A ina ya kamata a ambace shi, a farko ko a ƙarshe?

A daidai wurin da maganarsa ta taso, kuma idan fayil ɗin ne dalilin saƙon gaba ɗaya, to a cikin jimla biyu na farko bayan gaisuwa. Ajiye shi a layin ƙarshe, ƙarƙashin godiya, yana sa a rasa shi.

Na sha tura saƙo na manta ban maƙala komai ba. Akwai magani?

Mafi sauƙi shi ne a juya tsarin aiki: a fara maƙala fayil, sannan a rubuta saƙo, a ƙarshe a sa adireshin mai karɓa. Saƙon da ba shi da adireshi ba ya tafiya ko da yatsa ya zame. Gmail da Outlook suna tunatar da mutum idan suka ga kalma irin `attached` a rubutu babu fayil a maƙale, amma wanda ke rubutu da Hausa kada ya dogara da wannan tunatarwa, domin an gina ta ne kan gane wasu kalmomi. Gmail yana da maɓallin `Undo` da ke bayyana bayan an tura saƙo, kuma ana iya saita tsawon lokacinsa zuwa daƙiƙa 5, 10, 20 ko 30. Zaɓi 30.

Akwai wata mantuwar da ba ta hannu ba ce, ta tsarin manhaja ce. Idan ka danna `Reply` ko `Reply all`, fayilolin saƙon farko ba sa bin amsar, sai `Forward` ne ke tafiya da su. Saboda haka idan ka ƙara sabon mutum a cikin amsa ka ce masa ya duba takardar da ke maƙale, babu takardar da ta isa gare shi, sai ka sake maƙala ta.

Yaya ake raɗa wa fayil suna mai ma'ana?

Ka tuna cewa sunan zai rayu bayan saƙon. Mai karɓa zai sauke fayil ɗin cikin wata jaka inda akwai ɗaruruwan wasu, kuma bayan wata shida, lokacin da ya manta saƙonka, sunan ne kaɗai zai gaya masa abin da ke ciki. Sunaye irin su `IMG_4821.jpg`, `Document1.docx` ko `scan0003.pdf` na'ura ce ta raɗa su don amfanin kanta. Mai ɗaukar ma'aikata da ya karɓi fayil arba'in, kowanne sunansa `CV.pdf`, dole ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya kafin ya san na waye, kuma kwamfutarsa za ta yi ta liƙa musu lamba a baya don kada wani ya danne wani. Saka sunanka a cikin sunan fayil ɗin yana kawar da wannan wahala gaba ɗaya.

Suna mai kyau yana ɗauke da abin da takardar take, na wane ne ko na wane aiki ne, da kwanan wata ko lambar bugu. Misali:

```
2025-03-31_Rahoton-Kudi_Zango1_v2.pdf
2025-03-31_Jadawalin-Kashe-Kudi.xlsx
2025-03-31_Rasidai_01-14.pdf
```

An fara da shekara, sannan wata, sannan rana, kowanne da cikakkun lambobinsa, wato tsarin ISO 8601, saboda dalili biyu. Na farko, idan kwamfuta ta jera fayiloli bisa suna, za su jeru bisa lokaci da kansu. Na biyu, babu ruɗani: `03-04-2025` wani zai karanta shi 3 ga Afrilu, wani kuma 4 ga Maris, amma `2025-04-03` fassara ɗaya gare shi. Haka nan idan ana lambata fayiloli, a rubuta `01`, `02` har zuwa `14`, domin wasu tsare-tsare suna sa `10` gaban `2` idan ba a sa sifilin ba.

Game da bugu kuwa, kalmar "na ƙarshe" ita ce ta fi kowace yaudara a sunan fayil. Da zarar an yi gyara ɗaya bayanta sai a sami "na ƙarshe 2", sannan "na ƙarshe na gaske", har a kai inda mai takardar da kansa ba zai iya nuna wanda aka amince da shi ba. `v1`, `v2`, `v3` ba sa ƙarewa, kuma kowa ya san mai babbar lamba shi ne sabo. Duk lokacin da aka tura sabon bugu, a faɗi a cikin saƙo cewa ya maye gurbin na baya, a kuma faɗi abin da ya canza, ko da a jimla ɗaya ne.

Na lura an rubuta "Kudi" a misalan ba "Kuɗi" ba. Kuskure ne?

Da gangan ne. Manhajojin zamani suna karɓar ƙ, ɗ da ɓ a sunan fayil ba tare da matsala ba, amma fayil yana ratsa hannaye da yawa, kuma tsohuwar manhajar buɗe `zip`, wato fayil mai ɗauke da wasu fayiloli a matse, ko tsohon shafin ɗora takardu na iya mayar da waɗannan haruffa alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana. A jikin saƙo da cikin takardar kanta a rubuta Hausa da ƙa'idarta, a sunan fayil kuma a tsaya kan haruffa marasa lanƙwasa, da lambobi, da `-` da `_`.

Akwai kuma alamomin da Windows ba ya yarda da su sam a sunan fayil:

```
\ / : * ? " < > |
```

Wannan ya shafi mai son rubuta kwanan wata da layin karkace. Kada kuma a taɓa ƙarshen sunan, wato `.pdf` ko `.docx`, domin da shi kwamfuta ke gane manhajar da za ta buɗe fayil. Sauya `.docx` zuwa `.pdf` da hannu ba ya mayar da takarda PDF, sai dai ya hana ta buɗuwa.

Wane girma ne ya yi yawa?

Gmail yana barin a tura fayiloli da jimillarsu ta kai 25 MB a saƙo ɗaya, Yahoo Mail ma iyakarsa 25 MB ce. Amma iyakar da ke gabanka rabin labarin ce kawai, domin saƙo yana bi ta ƙofa biyu, taka da ta mai karɓa, kuma ƙaramar cikinsu ce ke yanke hukunci. Ma'aikatu da kamfanoni masu gudanar da imel ɗinsu da kansu suna saita tasu iyakar, kuma 10 MB ba baƙon abu ba ne a irin waɗannan wurare.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne fayil yana kumbura idan ya shiga imel. An gina tsarin imel tun asali don ɗaukar rubutu, saboda haka kafin hoto ko PDF ya tafi sai an mayar da shi haruffa ta hanyar da ake kira Base64. A wannan hanya kowane bayit 3 yana zama harafi 4, wato ƙarin kashi ɗaya cikin uku, kuma idan aka haɗa da alamomin karya layi, ƙarin yana kaiwa kusan kashi 37 cikin ɗari. Fayil da kwamfutarka ta nuna 8 MB yana tafiya a matsayin kusan 11 MB. Idan na'urar mai karɓa tana auna dukan saƙon kuma iyakarta 10 MB ce, za ta mayar da shi, kai kuma kana ta mamakin yadda takwas ta fi goma.

A ganina, idan ba ka san tsarin mutumin da kake tura wa ba, ka riƙe jimillar fayiloli a ƙasa da 7 MB. Wannan yana wucewa ta ƙofar 10 MB da ɗan sarari, kuma yana tausaya wa wanda zai sauke shi da datar wayarsa.

Za a iya nuna yadda ake rage nauyin saƙo a aikace?

A ɗauki jami'in wani aiki da zai tura rahoton watanni uku ga ofishin da ke ba su tallafi. Yana da rahoto na PDF mai 2 MB, jadawalin Excel mai 300 KB, hotunan rasidai 14 da ya ɗauka da waya, kowanne kimanin 3 MB, da bidiyon wurin aiki mai 180 MB. Ko an ajiye bidiyon a gefe, sauran sun haura 44 MB, waɗanda za su zama kusan 60 MB a hanya. Da wuya a sami ƙofar da wannan zai bi.

Nauyin duka yana cikin hotuna ne, 42 MB daga cikin 44. Kyamarar waya tana ɗaukar hoto mai launi da miliyoyin ɗigo, har da teburin da aka shimfiɗa takardar a kai da inuwar hannun mai ɗauka, alhali abin da ake buƙata daga rasidi shi ne a iya karanta suna, kwanan wata da adadin kuɗi. Sai ya sake ɗaukar su da sashen sikanin takarda, irin wanda ke cikin manhajar Google Drive ko Notes na iPhone, wanda ke yanke gefuna ya kuma haɗa shafuka cikin PDF ɗaya. Idan da injin sikanin na ofis ne, sai ya zaɓi launin toka maimakon cikakken launi, ya saita `dpi`, wato yawan ɗigo a kowane inci, a 150 ko 200. Ninka `dpi` sau biyu yana ninka yawan ɗigo sau huɗu, saboda haka shafin da aka yi a 600 yana da ɗigo ninki goma sha shida na wanda aka yi a 150, kuma a takardar rubutu ido ba ya cin wata riba daga wannan ƙarin.

A ce kowane shafi ya dawo kimanin 250 KB. Rasidai 14 sun zama fayil ɗaya mai 3.5 MB. Jimilla yanzu 5.8 MB, wadda za ta tafi a matsayin kusan 8 MB, kuma mai karɓa zai buɗe fayil uku maimakon goma sha shida. Kafin ya tura, dole ya buɗe sabon PDF ɗin ya faɗaɗa rasidin da rubutunsa ya fi dusashewa, domin matsewa idan ta yi yawa tana cinye ƙananan lambobi, kuma rasidin da ba a iya karanta adadinsa ba shi da amfani ga mai binciken kuɗi. Bidiyon kuwa ba ya cikin lissafin imel ko kaɗan, sai a ɗora shi a ma'ajiyar intanet a tura mahaɗi, wato adireshin da ake dannawa a buɗe shi.

Ba zan iya matse komai cikin `zip` kawai ba?

Zai tattara su wuri ɗaya, amma da ƙyar zai rage nauyin. Hotunan JPEG, bidiyon MP4 da yawancin PDF an riga an matse su, haka ma `.docx` da `.xlsx`, waɗanda su kansu `zip` ne a ciki. Ga shi kuma wasu ma'aikatu suna tsare irin waɗannan fayiloli, kuma buɗe su a waya ƙarin aiki ne.

Yaushe mahaɗi ya fi maƙala fayil?

Idan fayil ɗin babba ne, ko kuma idan takarda ce da mutane da dama za su yi ta gyarawa, domin tura ta a maƙale yana haifar da kwafi biyar a hannun mutum biyar. Amma idan takardar shaida ce, kamar kwangila da aka sa wa hannu, takardar neman biya ko takardar neman aiki, maƙalawa ta fi, saboda fayil da aka maƙala yana daskarewa a yadda aka tura shi, yana kuma zama a akwatin mai karɓa. Abin da ke bayan mahaɗi ana iya canza shi, ko goge shi, ko wa'adinsa ya ƙare. Idan sanarwar neman aiki ta ce a maƙala takardu, a maƙala su, kada a tura mahaɗi.

Babban abin da ke lalata mahaɗi shi ne izini. Fayil da aka ɗora a Google Drive yana farawa ne a matsayin `Restricted`, wato sai mai shi da waɗanda ya ƙara da adireshinsu. Kai da ka ɗora, kana danna mahaɗin zai buɗe maka lafiya lau, domin kana cikin asusunka, amma mai karɓa zai tarar da shafin da ke cewa ba shi da izini, sai ya nemi a ba shi ya zauna jira. Mafita biyu ce: ko ka ƙara adireshinsa, wanda shi ya fi dacewa da takardar da ke da sirri, ko ka sauya zuwa `Anyone with the link`, wanda ke nufin duk wanda mahaɗin ya faɗa hannunsa zai iya buɗewa. Sannan ka zaɓi matsayi, `Viewer` ga wanda zai duba kawai, `Editor` ga wanda zai yi gyara. Idan ka zaɓi buɗe wa kowa, gwajinsa mai sauƙi ne: buɗe tagar sirri a burauza, wadda Chrome ke kira `Incognito`, ka liƙa mahaɗin. Abin da ka gani a nan shi ne abin da baƙo zai gani.

A lura cewa idan fayil ya haura 25 MB, Gmail yana ɗora shi a Drive ya saka mahaɗi a madadinsa. Mutum zai ɗauka ya maƙala, alhali mahaɗi ya tura, da duk batun izinin da ke tattare da shi.

Yaya zan gabatar da mahaɗi a cikin rubutu?

Mutane an koya musu su ji tsoron mahaɗi, kuma da gaskiyarsu, domin ta nan masu damfara ke satar kalmar sirri. Saƙon da ba shi da komai sai mahaɗi tsirara, ko "danna nan", kamanninsa ɗaya da na ɓarawo, ga mutum da ga na'urar tace saƙonni. Sai a faɗi abin da ke bayansa, inda aka ajiye shi, girmansa, da lokacin da zai daina aiki idan yana da wa'adi:

"Bidiyon wurin aikin ya yi wa imel nauyi, don haka na ɗora shi a Google Drive. Girmansa 180 MB ne, tsawonsa minti huɗu. Na ba adireshinka izinin kallo, kuma zan bar shi har ƙarshen wata."

Daga nan sai mahaɗin ya biyo a layinsa shi kaɗai, ba tare da aya ko waƙafi manne a ƙarshensa ba, domin wasu manhajoji suna haɗiye alamar cikin adireshin su lalata shi. A guji taƙaitattun mahaɗai a saƙon aiki, tunda suna ɓoye inda za su kai mutum.

Waɗanne fayiloli ake toshewa ko da ƙanana ne?

Duk wanda zai iya gudanar da umarni a kwamfuta. Gmail ba ya barin `.exe`, `.bat`, `.cmd`, `.msi`, `.vbs`, `.jar`, da `.js` wanda aka ƙara a jerin a 2017, da wasu da yawa irinsu, kuma ɓoye su cikin `zip` ba ya taimakawa, domin yana leƙa ciki. Takardun Office masu ɗauke da ƙananan umarni na sarrafa kai, waɗanda sunansu ke ƙarewa da `.docm` ko `.xlsm`, su ma ma'aikatu da yawa suna tsare su. Fayil da aka kulle da kalmar sirri yana iya gamuwa da irin wannan, saboda na'urar tsaro ba ta iya ganin abin da ke ciki, kuma wasu an saita su su ƙi duk abin da ba su iya bincika ba. Idan dole ne a kulle takarda, a sanar da mai karɓa tukuna, a kuma aika kalmar sirrin ta wata hanya dabam, kamar kiran waya.

Wasu suna sauya ƙarshen sunan don su yaudari na'urar. Sau da yawa ba ya aiki, tunda ana iya gane fayil daga cikinsa, kuma a wurin aiki yana iya zama keta dokar tsaro. Tambayar mai karɓa hanyar da ma'aikatarsu ta amince da ita ya fi.

Akwai kuma fayil da ya isa lafiya amma ya ƙi buɗuwa, kamar hoton iPhone mai `.heic` ko takardar `.pages` a hannun wanda ba shi da manhajar. Ga abin da za a karanta kawai, PDF ne ya fi aminci, ga hoto kuma JPEG.

Ta yaya zan san cewa saƙona bai isa ba, kuma me ya hana shi?

Ganinsa a cikin `Sent` yana nufin ya bar hannunka ne kawai. Idan aka ƙi karɓarsa, yawanci wani saƙo yana dawowa daga `Mail Delivery Subsystem`, `MAILER-DAEMON` ko `postmaster`, wani lokaci cikin daƙiƙoƙi, kuma yakan faɗa cikin `Spam`, don haka a duba can ma. Kada a goge shi ba a karanta ba, domin dalilin yana cikin lambobin da ke ciki. `552 5.3.4` yana nufin saƙon ya yi girma, sai a rage shi ko a koma ga mahaɗi. Lambar da ta fara da `5.7` batun tsaro ne ko dokar ma'aikata, kuma idan Gmail ya ba da `552 5.7.0`, abin da aka maƙala ne ya ƙi. `550 5.1.1` kuwa ba ruwansa da fayil, adireshin ne ba daidai ba. Gaba ɗaya, lambar da ta fara da 4 matsala ce ta ɗan lokaci kuma na'urar za ta sake gwadawa da kanta, wadda ta fara da 5 kuma ƙi ne na dindindin, sake tura saƙon a yadda yake ba zai canza komai ba.

Mafi wuyar ganewa shi ne saƙon da aka killace shiru, ba a mayar maka ba, ba a kuma miƙa wa mai shi ba. Idan takardar tana da wa'adi kuma ba ka ji komai ba, tura gajeren saƙo na biyu wanda ba shi da fayil ko mahaɗi, ka faɗi ranar da ka tura na farko, taken da ka sa masa, da sunayen fayilolin da ke ciki. Da waɗannan bayanan mai karɓa zai iya bincika akwatinsa, ko ya miƙa su ga mai kula da na'urorin ma'aikatarsu ya sako saƙon daga inda aka tsare shi.